“Saura Biyar”: Yadda Mai Sayarwa Zai Faɗi Gaskiyar Adadin Kaya da Wa'adi a Rangwamen Ƙarshen Shekara

Daga tsakiyar watan Nuwamba har zuwa jajibirin sabuwar shekara, wayoyinmu kan cika da sanarwar rangwame, kuma idan mutum ya lura zai ga cewa kusan dukkansu jimloli biyu suke jujjuyawa. Ta farko ita ce kaya sun kusa ƙarewa, ta biyu kuma ita ce lokaci ya kusa cika. Yawancin masu sayarwa suna ɗaukar waɗannan jimloli a matsayin adon talla, kamar kirarin da mai tallan kaya yake yi wa hajarsa a bakin kasuwa, alhali kuwa akwai bambanci mai girma a tsakaninsu. Wanda ya ce atamfarsa ta fi ta kowa kyau ra'ayinsa ya faɗa, mai saye kuma yana da idon da zai duba ya yanke hukunci. Amma wanda ya ce saura turmi biyar, ko ya ce rangwame zai rufe da daren 20 ga wata, labari ya bayar game da abin da shi kaɗai ya sani, domin mai saye ba ya ganin cikin sito kuma ba ya ganin abin da ke zuciyar mai kaya. A nan ne amana take shigowa, shi ya sa nake ganin cewa duk lamba da duk ranar da za ta fito a saƙon talla dole ne a iya bin sawunta har zuwa wani abu na zahiri: ƙirgen da aka yi da hannu, ko dalilin da ya sa aka tsayar da ranar.

Faɗin ƙarancin kaya a kan kansa ba laifi ba ne. Matar da take neman turmi takwas iri ɗaya domin ankon bikin ƙanwarta tana da matuƙar bukatar sanin cewa shida kawai suka rage, saboda wannan bayanin zai hana ta biyan kuɗi sannan ta zo tana neman cikon biyun a banza. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ƙirƙiri ƙarancin domin a hana mutum tsayawa ya yi tunani, ya kwatanta farashi, ko ya yi shawara da na gida.

Wannan ɗabi'a ta yaɗu a kasuwancin intanet har hukumomi sun fara ƙirga ta. A 2019 masu bincike a Jami'ar Princeton da ke Amurka sun duba shafukan sayayya kimanin 11,000, suka tarar da agogunan ƙirgen lokaci waɗanda idan sun kai sifiri sai su koma farko, ko kuma su ƙare amma rangwamen ya ci gaba kamar ba a taɓa sa masa wa'adi ba. A Janairun 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta bayyana sakamakon binciken shaguna 399 na intanet, inda aka samu 42 suna amfani da irin wannan agogo na bogi. Dokar kare masu saye ta Tarayyar Turai ta 2005 ma ta riga ta sa ƙaryar cewa kaya ko farashi na ɗan gajeren lokaci ne kawai, domin a sa mutum ya yanke shawara nan take, a cikin jerin abubuwan da aka haramta kai tsaye. A Najeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ɓatarwa game da kaya da farashinsu, kuma ba ta ware wanda yake talla a WhatsApp daga wanda yake da babban kanti ba.

Ga ɗan kasuwa Musulmi kuwa maganar ta girmi waɗannan dokoki nesa ba kusa ba. Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi a kan haja ba don yana son saye ba sai don ya zuga wani ya saya da tsada. Saƙon da yake fitowa a kusurwar shafi yana cewa wani ya sayi wannan kaya minti uku da suka wuce, alhali babu wanda ya saya, ko hoton hirar ciniki da mai sayarwa ya haɗa da kansa ya ɗora a matsayin shaidar rububi, duk a ganina ruwa ɗaya suka sha da najashi, domin manufarsu ita ce a nuna wa mai saye masu neman kayan da babu su.

Domin maganar ta fito fili, mu ɗauki misalin wata 'yar kasuwa da take saro atamfa a Kantin Kwari a Kano, tana da ɗan shago a unguwarsu, tana kuma sayarwa ta WhatsApp da Instagram ga masu saye a Kaduna, Jos, Abuja da Legas. Tana son ta rage kayan da suka rage mata kafin ta saro sababbi a Janairu, sai ta yanke shawarar sauke farashin wani zane daga naira 18,000 zuwa naira 15,000 kowane turmi. Alƙaluman duk na misali ne, amma matakan da za ta bi su ne ainihin aikin.

Mataki na farko shi ne ƙirge da hannu, ba dogaro da littafi ba, domin littafin shago yakan rabu da gaskiyar kanta a hankali: turmin da aka ba wata bashi aka manta ba a rubuta ba, wanda aka musanya, wanda yaron shago ya sayar da yamma. A ce ta ƙirga ta samu turmi 60. Wannan adadin ba shi ne za ta tallata ba. Akwai guda 8 da wasu suka riga suka ba da kafin alƙalami a kansu, waɗanda a haƙiƙa sun fita daga hannunta ko da suna zaune a kan kanta. Akwai guda 3 da ta gano suna da tabo ko ɗan zubewar rini, waɗanda idan za ta sayar da su sai ta faɗi aibinsu da farashinsu daban. Sannan tana bukatar ware kamar guda 4 a gefe saboda abin da ka iya tasowa, kamar kayan da suka lalace a mota ko mutum biyu da suka biya kuɗi a lokaci guda. Idan aka cire 8 da 3 da 4 daga 60, saura 45, kuma 45 ɗin nan su ne abin da za ta iya yin alƙawarin miƙawa ga duk wanda ya biya.

Wani zai iya tambaya ko ɓoye waɗannan guda huɗun ba wani nau'in rage adadi ba ne domin a nuna ƙaranci. Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin girman abin da aka ware da dalilin ware shi. Wadda ta ware 4 cikin 60 domin kada ta karɓi kuɗin mutum ta rasa abin ba shi tana kare mai saye ne. Wadda take da 45 amma ta rubuta saura 10, da nufin idan sun ƙare ta sake fito da wasu 10 ta ce an samo ƙari, ta yi ƙarya, ko da ta shirya wa kanta uzurin cewa goma kawai ta fito da su daga sito. Ma'aunin da nake ganin ya fi sauƙi shi ne mai sayarwa ta tambayi kanta ko za ta iya bayyana wa mai saye yadda ta samo wannan lamba ba tare da ta ji kunya ba. Idan kuma da gaske turmi 20 kawai take son sayarwa a farashin rangwame, sauran ta bar su a farashinsu na asali, babu laifi, amma sai ta rubuta hakan yadda yake: turmi 20 ne a naira 15,000, bayan su akwai kaya amma a naira 18,000. Abin da yake da iyaka a nan farashin ne, kayan kuwa suna nan, kuma bai kamata a bar mai saye ya zaci zanen ne zai ɓace daga kasuwa ba.

Wannan batu na magana mai kama da gaskiya amma mai ɓatarwa ya taɓa kai manyan kamfanoni gaban hukuma. A Fabrairun 2019 hukumar kula da gasa ta Birtaniya, CMA, ta karɓi alƙawarin gyara daga manyan shafuka shida na kama ɗakin otal, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi ƙorafi a kai shi ne saƙon da ke cewa mutane kaza suna duba wannan otal yanzu, ba tare da an bayyana cewa mai yiwuwa ranakun da suke nema daban ne da na mai karantawa ba. Lambar tana iya zama daidai, amma abin da ta dasa a zuciyar mai karatu ba daidai ba ne. Irin wannan yana iya faruwa ga mai atamfa ba tare da ta yi niyya ba. Idan ta ce saura uku alhali launin shuɗi ne kawai ya rage uku, ja da kore kuwa suna da yawa, to dole ta ambaci launin, in ba haka ba ta bar mutane cikin zaton da ta san ba haka yake ba.

Abu na gaba da yake kayar da masu gaskiya da yawa shi ne tsufan saƙo. Adadin kaya gaskiya ne na ɗan lokaci kawai. Abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp yana zama awa 24, wanda aka ɗora a Instagram kuwa yana nan har sai an cire shi, saƙon da aka tura wa mutum ɗaya kuma yana iya yawo daga hannu zuwa hannu har mako guda. Saboda haka lambar da ba ta ɗauke da lokacin ƙirga ta lamba ce gurguwa. Maimakon ta rubuta saura 12 kawai, sai ta rubuta: “Zuwa ƙarfe 9 na safiyar yau 14 ga Disamba, saura turmi 12 na shuɗi da 7 na ja. Ana sayarwa a shago ma, saboda haka a tuntuɓe ni kafin a tura kuɗi.” Jimla ta ƙarshe tana da amfani sosai, domin wadda take sayarwa ta hanyoyi uku daga tuli ɗaya na kaya tana cikin haɗarin sayar da turmi ɗaya ga mutum biyu. Maganin wannan shi ne littafi ɗaya tak, ko takardar lissafi ɗaya a waya, da za a riƙa rage adadi a cikinta da zarar kuɗi sun tabbata, ko a shago aka yi cinikin ko a waya, tare da tsayar da lokaci ɗaya ko biyu a rana na sabunta sanarwa da goge tsohuwar. Masu shago a Shopify, dandalin buɗe shagon intanet, kuma su tabbata ba su kunna zaɓin “Continue selling when out of stock” a kan kayan rangwame ba, domin idan yana kunne shafin zai ci gaba da karɓar oda bayan kaya sun ƙare.

Akwai kuma bambanci tsakanin “ya ƙare” da “ba za a sake samu ba”, wanda ake yawan cakuɗawa da gangan. Idan 'yar kasuwar ta san za ta sake saro zanen a Janairu, sai ta ce wannan kason ya ƙare, wani yana tafe a farashin da aka saba. Idan dilan da take saro kaya a hannunsa ya ce mata zanen ya yanke a wurinsa, iyakar abin da za ta iya faɗa shi ne ita ba ta da hanyar sake samowa, ba wai babu shi a duk kasuwa ba, tunda wannan bai shiga saninta ba.

Batun wa'adi ya fi na adadi rikitarwa, saboda a rangwamen ƙarshen shekara akwai ranaku iri uku da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai ranar da farashin rangwame zai ƙare, akwai rana ta ƙarshe da za a yi oda idan ana son kaya su iso kafin wani biki, sannan akwai tsawon lokacin da za a ajiye wa mutum kaya kafin ya biya. Kowanne yana da dalilinsa, kuma idan aka faɗi dalilin, saƙon yakan fi tasiri a kan agogo mai ja da ke tsalle a saman shafi.

Ranar isar da kaya ita ce mafi gaskiyar wa'adi a Disamba, domin ba mai sayarwa ce ta ƙirƙire ta ba. Ranakun 25 da 26 ga Disamba da 1 ga Janairu hutu ne a Najeriya, tashoshin mota da kamfanonin aike suna cika da kaya a makon da ya gabace su, hanyoyi kuma suna cushewa. Hanyar tsayar da ranar ita ce a faro daga ƙarshe a dawo baya. Idan mai saye a Legas tana son kayan su iso hannunta ranar 23 ga wata, kuma wanda yake kai wa 'yar kasuwar saƙo ya shaida mata cewa a wannan lokacin a ba shi kwana 3, sai ta ƙara kwana 1 na tabbatar da kuɗi da ɗaure kaya, da wasu kwana 2 na jinkirin da ba a rasawa. Jimilla kwana 6 ke nan, wato rana ta ƙarshe ta oda zuwa Legas ita ce 17 ga Disamba. Kaduna da Abuja za su samu ranar da ta fi wannan jinkiri, mazauna Kano kuwa suna iya zuwa har ranar ƙarshe. Saboda haka rana ɗaya ga kowa ba ta dace ba, gara a rubuta kowane gari da ranarsa. Ga mai sayar da yadi akwai ƙarin abin da adalci ya ce a tunatar, wato atamfa ba a ɗaura ta daga leda, sai ta biya ta hannun tela, kuma teloli a Disamba aiki ya yi musu yawa. Wadda ta ce wa mai saye kaya za su iso kafin biki alhali ta san za su iso ana jibi biki ta faɗi gaskiyar da ba ta da amfani ga wadda ta biya.

Ranar ƙarewar rangwame kuwa mai kaya ce take zaɓa, kuma tana da cikakken 'yancin zaɓar duk ranar da ta ga dama, sharaɗi ɗaya ne kawai, wato idan ranar ta zo farashi ya koma yadda yake. A rubuta ta da cikakken bayani. Kalmomin “yau” da “gobe” ba su da ma'ana a saƙon da za a karanta bayan kwana uku, “ƙarfe 12 na daren 20 ga wata” kuma yakan raba kan mutane tsakanin daren da ya shigo da ranar da wanda ya rufe ta, shi ya sa 11:59 na dare ya fi tsabta. Wadda take da masu saye a wajen ƙasa ta ƙara da cewa agogon Najeriya ne, wanda yake daidai da na Nijar, Kamaru da Chadi, amma Ghana tana baya da awa ɗaya, Sudan tana gaba da awa ɗaya, Saudiyya kuma tana gaba da awa biyu. Haka nan ta fayyace tun farko abin da ake nufi da cika wa'adi, domin turin kuɗi ta banki yakan maƙale a lokutan cunkoso. Adalci shi ne a yi la'akari da lokacin da mai saye ya tura kuɗin, ko da sun makara wajen shigowa, amma kada a saki kaya sai sun bayyana a asusu.

Agogon ƙirge a shafi ba shi da aibi idan yana ƙirgawa zuwa lokaci ɗaya ga kowa. Na bogin shi ne wanda yake fara ƙirga minti 15 ko awa 2 daga lokacin da kowane baƙo ya buɗe shafin, yana ajiye lokacin farawar a cikin burauzar mutum. Gane shi ba wuya: a buɗe shafin a waya biyu, ko a buɗe shi a yanayin sirri na burauza, idan agogunan suka saɓa ko ɗaya ya koma farko, to babu wani wa'adi a bayansa. Na kawo wannan ne saboda masu shago da yawa ba su ne suka gina shafinsu ba, wani ne ya haɗa musu ya liƙa irin waɗannan ƙananan manhajoji, har da masu nuna adadin kaya ko sunayen masu saye na ƙage, kuma alhakin abin da shafi ya faɗa yana wuyan mai shago ko bai san da shi ba. Kafin a buɗe rangwame ya kamata ya yi wannan gwajin a kan shafinsa da kansa.

Farashin da aka soke da layi ma iƙirari ne, kuma dole ya kasance an taɓa sayar da kayan a kansa kwanan nan. A Tarayyar Turai ƙa'idar ita ce tsohon farashin da za a nuna ya zama mafi ƙarancin farashin da aka sayar da kayan a cikin kwana 30 kafin rangwame, ma'aunin da duk mai sayarwa zai iya ara wa kansa. Idan 'yar kasuwarmu ta sayar da zanen a naira 16,500 a ƙarshen Nuwamba, to daga 16,500 ta sauko, ba daga 18,000 ba.

Inda jarrabawar ta fi tsanani shi ne washegarin wa'adi. A ce ranar 20 ga wata ta wuce, turmi 14 sun rage cikin 45, ga kuɗin saro kayan Janairu ana bukata. Sha'awar sake ɗora sanarwa da cewa an ƙara kwana biyu saboda yawan roƙo tana da ƙarfi, kuma idan babu wanda ya roƙa, wannan ƙarya ce sabuwa a kan alƙawarin da aka karya. Akwai mutanen da suka matsa wa kansu, wataƙila suka ranto kuɗi, domin su cim ma ranar 20, kuma su ne za su fara lura cewa ranar ba ta nufin komai. Hanya mafi tsabta ita ce a mayar da farashi naira 18,000 kamar yadda aka faɗa. Idan kuma dole sai an ƙara lokaci saboda dalili na gaske, kamar katsewar sadarwa ko matsalar banki da ta hana mutane biya a rana ta ƙarshe, sai a faɗi dalilin, a ƙara sau ɗaya, a tsayar da sabuwar rana da ba za a sake ɗagawa ba. Wadda tun farko ta san burinta shi ne kayan su ƙare ko da yaushe ne, bai kamata ta sa rana ba ma, sai ta rubuta cewa farashin yana nan har kayan su ƙare, ta riƙa sabunta adadin. Idan kuma ta ga alamar za ta ƙara sauke farashi a makon ƙarshe na Disamba, to ta guji rubuta cewa wannan ne farashi mafi sauƙi na bana.

Kishiyar wannan ma tana faruwa, wato kaya su ƙare kafin wa'adi, ko a wayi gari mutum biyu sun biya kuɗin turmi na ƙarshe. A nan ne guda huɗun da aka ware suke amfani. Idan su ma sun ƙare, wanda kuɗinsa suka fara shigowa shi ne mai kaya, na biyun kuma a kira shi a ranar, ba sai ya gaji da jira ya nemi ba'asi ba. A ba shi zaɓi tsakanin mayar masa da kuɗinsa cikakku nan take, ko wani launi, ko jiran kason Janairu a farashin rangwamen da ya riga ya biya, kuma shi ne zai zaɓa, ba a riƙe kuɗinsa a tilasta masa ɗaukar abin da bai nema ba. Daga nan sai a goge duk sanarwar da har yanzu take cewa akwai kaya, a WhatsApp da Instagram da jikin shago, a maye gurbinta da gajeren saƙo mai kwanan wata: “Yau 18 ga Disamba turmi 45 da aka sa a rangwame sun ƙare. Duk wanda ya tura kuɗi bayan ƙarfe 4 na yamma za a mayar masa kafin gobe da azahar. Sabon kaso zai iso a Janairu a naira 18,000.”